Kular tuwon da ban buɗe ba

Har yau in na ɗauki biro zan rubuta rahoton SOAP, wato bayanin da mu ma'aikatan jinya muke rubutawa kan maras lafiya kashi huɗu, S da O da A da P, sai na tuna da kular nan da ke ƙarƙashin gado na 14, wallahi kamar jiya aka yi. Aikin dare nake a ɗakin maza na masu ciwon ciki da su suga da hawan jini, mu biyu kacal ni da wata sista, gadaje sun cika maƙil har da wanda aka ajiye a baranda. Na karɓi aiki ƙarfe 9, kafin 10 na zagaya ina rubutu a tsaye, fayil a kan tirolin magani.

Dattijon gado na 14 mai ciwon suga ne, an kwantar da shi saboda gyambon ƙafa, kuma masu aikin yamma sun yi masa allurar insulin ɗin nan gaurayayye 70/30, wato mai jinkirin aiki da mai sauri a haɗe, yunit 14, ƙarfe 6, lokacin sugansa 9.8. Na ce Baba ya jiki, ya ce da sauƙi 'yata, sai dai bakina ba daɗi, jikina kuma ba ƙwari. Na juya wajen ɗansa da ke jinya na ce ya ci abinci? Ya ce e sista, ya ci tuwo. Shi ke nan na wuce.

Da turanci muke rubutawa, amma ga abin da na sa in an maida shi Hausa. A S na ce babu wani ƙorafi. A O na sa awon jini 130/80, bugun zuciya 88, zafin jiki 36.8, sannan na ƙara "ya ci abincin dare". A A na rubuta kalmar nan guda da duk muke ɓuya a bayanta, wato yana nan lafiya ƙalau ba canji. A P na ce a ci gaba da kulawa. Layi huɗu, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba, kuma uku daga ciki duk shirme ne.

Kowa ya san karatun tun makaranta, S abin da maras lafiya ko ɗan jinya ya faɗa maka, O abin da ka gani da idonka ko ka auna, A abin da kai ka fahimta in ka haɗa biyun, P abin da za a yi. To ni sai na ɗauki maganar yaron, wadda gidanta S ne, na kai ta O na zaunar da ita tsakanin lambobi kamar ni na tsaya a kansa yana ci. Ita kuma maganar Baban da kansa, ta baki ba daɗi da jiki ba ƙwari, wadda ita ce S ɗin gaskiya, na watsar don a ganina duk wanda ke kwance a asibiti haka yake cewa.

Wajen ƙarfe 2 ina can baranda ina fama da wani da jijiyarsa ta ƙi samuwa, abokiyar aikina ta bi ta gadonsa ta ga yana gumi. An ɗauke wuta, fanka ba ta juyawa, rabin ɗakin gumi yake. Duk da haka baiwar Allah ta buɗe fayil ta duba, ta ga an ce ya ci abinci, an ce ba canji, ba a ce a sake auna suga ba, ga tsinken awon saura 'yan kaɗan a kwalba muna lallaɓa su, sai ta rufe ta wuce. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, abin da na rubuta mata ta bi.

Ƙarfe 4 saura yaron ya zo a guje, sista Baba ba ya amsawa. Na same shi sharkaf, jiki sanyi ƙalau, yana wani irin minshari. Suga 2.1. Duk abin da ya yi ƙasa da 3.9 ai an riga an shiga matsala, balle wannan. Muka kira likita, aka tura masa ruwan gulukos mai kashi 50 ta jijiya, Allah Ya taimaka kanularsa, wato 'yar robar da aka sa masa a jijiya, na aiki, bayan 'yan mintoci ya buɗe ido yana tambayar me ya tara mu a kansa. Da na sunkuya ɗauko wani abu ne ƙafata ta bugi kular. Na buɗe, tuwo malmala biyu, ɗaya ko taɓa ta ba a yi ba, ɗayar an gutsuri kamar loma biyu. Yaron bai yi ƙarya ba fa, a wajensa wanda ya kai loma baki ai ya ci. Ita kuwa allurar ba ruwanta, ɓangarenta mai jinkiri cikin dare yake kan ganiyar aikinsa, ko ciki da abinci ko wayam.

Ba zan ɓoye ba, da asuba zuciyata ta raya min in koma in gyara layin nan. Ban yi ba, na dai rubuta sabon rahoto a ƙasa da lokacinsa da sa hannuna. Da safe matiron ta zaunar da ni, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ta ɗora yatsa a kan O ta ce, sista, ke kika ga ya ci? Na ce a'a Ma. Ta ce to wa ya gani? Na yi shiru. Ta miƙo min farar takarda ta ce sake rubuta na ƙarfe 10 ɗin yadda ya kamata, ba don fayil ba, don ke.

A S na sa maganar Baba yadda ya faɗe ta, na biyo da cewa ɗansa ya ce ya ci tuwo, da sunan wanda ya faɗa ɗin wato ɗansa, ba a bar maganar tana yawo ba mai ita. A O lambobin, da yunit 14 na ƙarfe 6, da abin da zan gani da na buɗe kular, loma biyu cikin malmala biyu, da sugan da ya kamata in auna a lokacin. Ina gama waɗannan sai A ta fito da kanta ba wahala: an yi masa insulin, bai ci abin kirki ba, akwai haɗarin sugansa ya faɗi cikin dare. P kuma ta bi bayanta, a ba shi abin da zai iya sha ko kunu ne yanzu, a sanar da likitan da ke kan kira, a sake awo ƙarfe 12 da ƙarfe 3, a faɗa wa ɗan jinya in ya ga gumi ko rawar jiki ko surutai ya kira nan take. Wannan P ɗin ko wacce ba ta taɓa ganin Baba ba ta karanta ƙarfe 2 ta san me za ta yi. "A ci gaba da kulawa" kuma fa, a ci gaba da me?

Abin da ya fi ba ni haushi, wannan na biyun bai fi minti uku ba. Na sha cewa mu da muke da mutum talatin da wani abu ba mu da lokacin dogon rubutu, kuma gaskiya ne ba mu da shi, har yanzu wanda ba abin da ya canza a jikinsa gajere nake masa. Amma mai insulin, in aka ce min ya ci, cewa nake miƙo kular in gani, wasu 'yan jinyar har haushi suke ji wai ban yarda da su ba. Baba ya ƙara kwana tara aka sallame shi, an rage masa allurar yamma, ranar tafiyarsa ma ina hutu.