Yadda na fitar da kuɗin kowace kilomita a motocina biyu

Ina da Sharon guda biyu, fara da shuɗiya, da ke lodi a tashar Ƙofar Ruwa, suna zirga-zirga tsakanin Kano da Katsina. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin da direbobi ke kawowa da yamma ya daina gaya mini komai, domin ya ƙaru a ido amma aljihu bai shaida ba. Sai na saka littafi a kowace mota. Direba zai rubuta kwanan wata, yawan fasinja a tafiya da dawowa, litar man da ya sha da kuɗinsa, abin da aka ba ’yan kamasho da yuniyan, da lambar da ke kan mita safe da yamma.

Mitar ɗaya motar ta mutu tun kafin in saye ta, don haka na auna hanyar da taswirar waya. Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340. Na ƙara 20 na zuwa gidan mai, gareji da gidan direba, domin tafiyar da ba fasinja ita ma tana cin mai da taya. Rana ɗaya ta zama kilomita 360.

Ga yadda farar motar ta fito a watannin da na lissafa. Mai shi ne babba, kuma ba na yarda da kiyasin baki. A cika tanki, a yi aiki, a sake cikawa, sai a raba kilomita da litar da ta shiga. Ta ba ni kilomita 10 a lita, lita kuma naira 900 a lokacin, wato naira 90 a kowace kilomita. Kuɗin tasha, kamasho, sallamar direba da abincinsa sun kai 18,000 a rana, wato naira 50.

Inda masu mota ke ruɗuwa shi ne kuɗin da ba ya fita kullum. Taya huɗu na 180,000 suna kai ni kilomita 30,000, ke nan kowace kilomita tana gutsurar naira 6 ko ban ga ta fita ba. Juyen baƙin mai naira 10 ne, takardu da inshora naira 1. Gyaran bakanike kuwa na tattara na wata uku, 360,000 a kan kilomita 24,000, ya ba da naira 15. Wata ɗaya ba ya isa a nan, domin birki da giya ba sa sanar da ranar da za su lalace. Sai tsufan motar kanta: miliyan 6 na saye ta, ina sa ran sayar da ita miliyan 2 bayan kilomita 200,000, bambancin ya zama naira 20. Wannan kuɗin ina ware shi gefe, in ba haka ba ranar da mota ta kwanta sai a tarar an cinye uwar kuɗi. Jimilla naira 192.

Ɓangaren shiga kuwa, tana tashi da fasinja 8 a kan 6,000, ta dawo da kamar 6, wato 84,000 a rana, kusan naira 233 a kilomita. Ribar naira 41 ce, a kilomita 8,000 na wata ta kama 328,000.

Shuɗiyar ita ce abin alfaharina, domin ta fi kawo kuɗi: 2,025,000 a wata, farar kuwa 1,864,000. Amma ta yi kilomita 9,000 kafin ta tara su, wato naira 225 a kowace. Kilomita 8 kacal take yi a lita, mai ya tashi naira 113, gyara kuma 32. Sauran kusan iri ɗaya ne, jimillarta 232. Duk kilomitar da ta taka asarar naira 7 ce, 63,000 a wata, ƙwazon direbanta ma ƙara ramin yake yi.

Littafi ba ya faɗin ko mota ce ke shan man ko hannu ne ke shiga. Da na nuna wa direban, sai ya ce, "Alhaji, wallahi motar ce, ka gwada ka gani." Na musanya musu motoci na ɗan lokaci. Shan man bai bi direba ba, ya tsaya a shuɗiyar. Bakanike ya tarar da fulogi sun ƙone, matatar iska ta toshe, nozul kuma na zubar da mai. Bayan gyara ta koma kilomita 9 a lita, mai ya sauko naira 100, ribarta ta zama naira 6 a kilomita. Da wannan ’yar riba ba za ta iya ɗaukar sauke inji ba, shi ya sa na fara neman mai saye tun tana tafiya da ƙafarta.