Kada ka rage nauyin ƙarfe don kana rage abinci

Ƙannena masu ɗaga ƙarfe a Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi, akwai wata magana da ke yawo a jim ɗinmu tun ina saurayi: wai idan kana son tumbi ya sauka, tsoka ta fito fili, sai ka ajiye ƙarfe mai nauyi, ka ɗauki mara nauyi, ka yi ta ɗagawa har gumi ya jiƙa ka. Ni na bi wannan maganar. Na rage tuwo, na rage wake da shinkafa, na sauke faranti daga sanda, na ƙara da gudun asuba. Sikeli ya nuna ina sauka, ina ta murna. Da na koma kan nauyin da na saba a benci, sai sanda ta zauna a ƙirjina, sai da aka ɗage min ita. Tumbin ya ragu kam, amma kafaɗa da cinya sun bi shi.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Tsoka tana cin abinci ko kana kwance, kuma jikin da ake ba shi ƙasa da abin da yake ƙonawa yana neman abin da zai sauke. Abin da ke sa ya bar tsoka ya koma kan kitse shi ne ya ga ana matsa mata da aiki mai nauyi. Kamar maigida ne da kasuwa ta ja baya: yaron shagon da ba ya aikin komai shi ake fara sallama. Idan ka saba ɗaga kilo 60, ka koma 35 kana yi sau ashirin kana hira, ka gaya wa jikinka cewa ba ka buƙatar tsokar kilo 60. Ba wai ƙarfe mara nauyi ba ya aiki sam ba ne. Yana yi, in ka ci gaba har tsoka ta kusa gazawa. Amma mafi yawanmu numfashi ne ke ƙare mana, ko zafi ya sa mu tsaya, tun tsokar da sauranta.

Abin da ya kamata in riƙe shi ne ƙarin nauyi sannu a hankali: tsoka ta riƙa samun aikin da ya ɗan fi wanda ta saba. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, da wannan hanyar ya riƙa farfaɗo da gwiwoyin sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu, a wajajen 1945, lokacin da aka saba ba majinyaci motsi mai sauƙi kawai. Shi ya ɗora musu nauyi na gaske, yana ƙarawa idan sun iya. Sai dai mai cin abinci ya ƙoshi da mai rage abinci ba tafiyarsu ɗaya ba. Na farko zai iya ƙara faranti kusan kowane mako. Kai da kake cikin ragi, ƙarinka zai zo ne da ɗagawa ɗaya a nan, ɗaya a can, wani makon ma ba komai.

Bari mu ɗauki misali. A ce nauyinka kilo 85, kana benci da kilo 60, seti uku. Ka yanke wa kanka iyaka: kowane seti kada ya gaza ɗagawa 6, kada ya wuce 10. Makon farko ka yi 8, ka huta minti biyu ko uku, ka yi 7, sannan 6. Ka rubuta a littafi. Mako na gaba ba ka taɓa faranti ba, abin da kake nema kawai ɗagawa ɗaya ta ƙaru a ko'ina: 8, 7, 7. Wannan ci gaba ne. Na uku ka samu 9, 8, 7. Na huɗu ka maimaita 9, 8, 7, babu ƙari, kuma babu laifi, domin a makonnin nan sikeli ya sauko daga 85 zuwa 83. Mutumin da ya rage kilo biyu yana kuma ɗaga abin da yake ɗagawa a da, abin da ya zubar ba tsoka ba ce. Ranar da ka kai 10 a duka ukun, sannan ka ƙara kilo 2.5. Lissafin zai faɗo zuwa wajen 8, 7, 6, ka sake hawa daga nan. Wannan hawan zai iya cin wata biyu, ko fiye.

Kowane seti ka tsaya a inda kake jin saura ɗagawa ɗaya ko biyu a hannunka. In ka ajiye sanda kana jin za ka iya biyar, wasa ka yi. In kuma kullum sai an cire ta daga wuyanka, gajiyar da ka tara ba za ta sake ka kafin zuwa na gaba ba, tunda abincin gyara ya yi ƙaranci.

A nan na yi kuskure na biyu, bayan na gane na farko. Na ɗauka tunda nauyi ne magani, to dole faranti ya ƙaru duk mako, ko jiki ya yarda ko bai yarda ba. Lambar littafi tana hawa, amma ta hanyar ƙarya. Sanda na buga ta a ƙirji ta dawo da kanta. Tsuguno da nake sauka har cinya ta daidaita da ƙasa, ya koma rabi. Abokina da ke tsaye a kaina yana ihu "kai kaɗai ne!", alhali yatsunsa na ƙarƙashin sandar. Tsoka ba ta san abin da aka rubuta a littafi ba, aikin da ta yi kawai ta sani. Kafaɗata ce ta biya, na daɗe ba na iya kwanciya ta gefen dama. Ɗagawar da za ka ƙirga ita ce wadda ta yi kama da ta makon jiya: zurfi ɗaya, sauri ɗaya, ba hannun kowa. Ka jingina waya a bango ta ɗauke ka, za ka ga abin da ba ka ji a jiki.

Wata matsalar tamu ce ta zango. Jim da yawa na unguwa ƙarafansu daga Magazin na Suame suka fito: faifan birki, giyar mota, ƙarfen inji, wasu ma siminti ne a gwangwani. Babu lamba a jikinsu, biyun da suka yi kama ba lallai nauyinsu ɗaya ba, ƙaramin cikinsu kuma ya kai kilo biyar. Ka ɗora ɗaya a kowane gefe, ka ƙara kilo goma ke nan a kan sittin, kashi ɗaya cikin shida a tashi ɗaya. Ko mai ƙoshi zai ji shi. Ku haɗa kai ku kai ƙarafan wurin mai sikeli, ku rubuta nauyin kowanne da fenti. In da hali, mai walda ya yanko muku ƙanana guda biyu masu kilo ɗaya da ɗan wani abu. In babu, ka faɗaɗa iyakar: ka hau daga 6 har 14 kafin ka ƙara, ko ka riƙa tsayar da sanda a ƙirji na daƙiƙa ɗaya kafin ka tura.

Ga kuma tarkon jan jiki a sanda. Kana ragewa, jikin da kake ja yana yin sauƙi, don haka daga takwas zuwa goma ba lallai bayanka ne ya ƙara ƙarfi ba. Ka sa kilon da ka rasa a jakar goyo ka sake gwadawa.

To idan gajiya ta yi yawa, me za a rage? Yawan seti, ba nauyi ba. Riƙe tsokar da ka riga ka gina ya fi gina sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma saurayi zai iya riƙe tasa da kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin da ya gina ta, muddin nauyin bai sauka ba. Wanda ke yi wa ƙirji seti goma sha biyu a mako zai iya komawa shida ko takwas, a raba su kwana biyu. Da azumi ma haka nake yi: bayan buɗa baki da tarawi, seti kaɗan masu nauyi, in tafi gida. Gudu kuwa ban hana ba, amma tafiyar ƙafa mai tsawo ta fi barin cinya da ƙarfin tsuguno.

Duk wannan ba zai tsaya ba in ragin abincin ya yi tsanani. Ka rage kalori 300 zuwa 500 a rana, yadda za ka riƙa sauka da rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinka a mako. Ga mai kilo 85, wajen rabin kilo ke nan, kada ya wuce giram 850. A aikace: malmalar tuwon zafi ta ragu, a daina ɗora taliya da garin rogo a kan wake da shinkafa, man shito ya zama ɗan cokali, burkina da lemon kwalba su koma na lokaci-lokaci. Furotin kuwa ba a taɓa shi, ƙarawa ma ake yi: giram 1.6 zuwa 2.2 kan kowane kilo na jikinka, wato aƙalla giram 136 ga mutumin namu. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne, gwangwanin sadin wajen 20, dafaffen naman kaza giram 100 kuma wajen 30. Ka lissafa da kanka za ka ga koko da ƙosai da safe, tuwo da tsinken cicinga ɗaya da dare, ba su kai ka ko rabi ba. Ni a lokacin raguwata ta farko nama na fara yankewa, don shi ne mai tsada. Wake, waken suya, wagashi da busasshen kifi suna cike giɓin ba tare da aljihu ya huje ba.

Makon farko sikeli zai iya faɗuwa da kilo ɗaya ko biyu, hannu ya yi kamar ya sace. Kada ka tsorata. Sukarin da tsoka ke ajiyewa ne ya ragu, shi kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Rana ɗaya da ƙarfe ya yi maka nauyi ita ma ba hujja ba ce. Mai yiwuwa wuta aka ɗauke, zafi ya hana ka barci. Benci ma yakan ɗan ja baya shi kaɗai idan jiki ya ragu sosai, ɗagawa ɗaya ko biyu.

Alamar da za ka kula da ita daban ce: mako biyu ko uku a jere, benci da tsuguno da ja duk suna sauka tare, sikeli yana gudu fiye da kilo ɗaya a mako, amma igiyar awo a daidai cibiya ba ta motsa yadda ya kamata ba. In ka ga haka, ka fara da barci, ka nemi awa bakwai. Ka mayar da kalori kamar 200, ka sa su a shinkafa ko doya kafin zuwa jim. Ka cire seti ɗaya daga kowane motsi, ka bar faranti yadda suke. In bayan mako biyu littafin bai daina sauka ba, ka koma cin abin da zai riƙe nauyinka a wuri ɗaya na mako guda ko biyu, sannan ka sake shiga ragin da ɗan sassauci.