Jimla takwas, numfashi takwas

Wata yarinya da ke koyon rubutun labari ta turo mini wannan sakin layi, wai a duba mata:

“Ladi ta shiga kasuwa. Rana ta yi zafi. Ta je wajen mai tumatir. Ta tambayi kwando. Ya faɗi kuɗi. Ta duba jakarta. Jakar a yanke take. Babu kuɗi.”

Jimla takwas ke nan, mafi tsawonsu kalma biyar. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya, amma karanta shi a fili ka ji: dukan sakwara ne kawai, tim, tim, tim. Illar ta wuce gajiyar kunne. Aya tana sa mai karatu ya tsaya, tsayawar kuma ita ke ba jimla nauyi. Da yake an tsaya sau takwas, zafin rana da yanke jaka sun zo da nauyi ɗaya, alhali saboda jakar aka rubuta labarin.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganin da ta ce za ta yi, wato ta ɗinke jimlolin da “kuma” da “sannan”. Maganin da na daɗe ina sha ke nan. Nakan cire aya in sa waƙafi, in zuba “sannan kuma” a kowace gaɓa, har sakin layi ya koma jimla guda mai kalma hamsin wadda ba ta karantuwa da numfashi ɗaya. Ba na jin laifina ne kacokan, domin haka aka nuna mana a aji, cewa doguwar jimla alamar ilimi ce, kuma a baka, inda murya ke hawa da sauka, “sannan” ba ta damun kowa. Sai dai a takarda babu murya. “Kuma” tana jera abubuwa kafaɗa da kafaɗa ne, ba ta faɗin wanne ya jawo wanne, ko wanne ya fi. Daga baya na koma datse komai gutsi-gutsi don gudun wancan, na faɗa ramin da yarinyar nan take ciki yau.

To, ’yata, kafin ki taɓa aya ko ɗaya, nemo jimlar da ta fi kowace zafi. A nan ta jakar ce. Ita za ki bari gajera, ki ajiye ta a ƙarshe. Sauran su ne za su shiga cikin juna, kowace gwargwadon aikinta. Zafin rana yanayi ne, ba aukuwa ba, don haka ya koma sigar ci gaba ya rataya a gaban jimla: “ana tsala rana”. Ayyukan da mutum ɗaya ya yi a jere ba sa bukatar mahaɗi ko kaɗan, Hausa tana jera su haka nan: ta shiga, ta nufi, ta taya. Abin da ya faru kafin wani kuwa, ki buɗe shi da “da”, ki rufe da “sai”. Ga yadda zai fito:

“Ana tsala rana Ladi ta shiga kasuwa, ta nufi wajen mai tumatir ta taya kwando guda. Da suka daidaita, sai ta kai hannu jaka don ta biya. An yanke jakar.”

Kalma 16, sai 11, sai 3. “Babu kuɗi” ta fita gaba ɗaya, don wanda aka yanke wa jaka a kasuwa ba sai an faɗa mana abin da ya rasa ba.

Akwai tarko a wannan “da” ɗin. “Sun daidaita” dole ta koma “da suka daidaita”. In kika rubuta “da sun daidaita”, kin mayar da abin da ya riga ya faru sharaɗi. Da “ta” ko “ya” rubutu ba ya nuna bambancin, shi ya sa ’yan yanzu, masu buga babi guda a waya su saki ko sake dubawa ba su yi ba, ke tafka wannan kuskure. In kina shakka, gwada jimlar da jam’i, bakinki zai faɗa miki “sun” ce ko “suka”.

Na ƙirga kalmomi a sama, amma ke kada ki zauna ƙirga. Masu bin lissafin doguwa, gajera, doguwa, gajera, wani sabon kiɗan suke ƙirƙira mai gundura kamar na farko. Kuma kada ki rufe kowane sakin layi da ’yar jimla mai kalma uku, mai karatu zai gano dabarar tun a shafi na biyu. Wani wurin ma, kamar faɗa ko gudu, gajerun nan a jere su ne daidai, ki bar su. Ki karanta a fili, da murya, ba a zuci ba. Inda numfashinki ya ƙare kafin aya, ki raba jimlar. Inda kika tsaya alhali maganar ba ta ƙare ba, ki cire ayar.