Lissafi ya ce gari zai kwanta, kofi kuma ya ƙi nunawa

A makarantar sakandaren da nake koyar da kimiyyar sinadarai a Gadarif ta ƙasar Sudan, littafinmu na Larabci ne, sai dai yawancin ɗalibaina Hausawa ne, don haka bayan darasi mukan sake bin abin da harshen gida. Babin da suka fi tuntuɓe a kai shi ne wanda littafi ke kira hasilul izaba, mai alamar Ksp. Garin da ke kwantawa a gindin kofi kuwa sunansa rasib, kalmar da ake kiran wanda ya faɗi jarrabawa da ita, shi ya sa ba a rasa dariya a ajin duk ranar da na ce yau rasib muke nema.

Ma'anar ba ta da wuya. Akwai gishirin da ruwa ba ya ɗaukar sa sai kaɗan, kamar PbCl₂, wato gishirin dalma. In ka zuba shi har ruwan ya ƙoshi, ragowar ya kwanta, to narkewa ba ta tsaya ba. Ayon, wato ƙananan ƙwayoyin gishirin masu cajin lantarki, a nan Pb²⁺ na dalma da Cl⁻, na barin garin suna shiga ruwa, wasu na dawowa, kuma saurin biyun ya zo daidai. A wannan hali, in ka ninka yawan ayon ɗin da ke cikin kowace lita, lamba ɗaya za ka riƙa samu muddin zafi bai sauya ba:

Ksp = [Pb²⁺] × [Cl⁻]² = 1.7 × 10⁻⁵ (a 25 °C)

Ana ninka na Cl⁻ da kansa ne saboda kowane ayon dalma ɗaya biyu yake tafiya da su. In an haɗa ruwa biyu, sai a yi wannan ninkin da adadin da ke cikin haɗin, a kira shi Q. Q ya wuce Ksp, ana sa ran gari. Bai kai ba, ruwa zai tsaya garau.

Don gwajin farko a aji, na auna giram 1.66 na Pb(NO₃)₂, wani gishirin dalma mai narkewa sosai, na narkar har mililita 250, ya ba ni mol 0.020 a lita, mol kuwa shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari. Na auna giram 0.584 na gishirin NaCl, shi ma zuwa mililita 250, ya ba da mol 0.040 a lita. Karon farko na yi ganganci na ɗauraye kwalba da ruwan famfo, ruwan dalmar ya yi hazo tun ban haɗa shi da komai ba. Ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da salfet da kabonet, su kuma gishirinsu na dalma ya fi PbCl₂ ƙin narkewa nesa ba kusa ba. Na juye shi a jarkar shara na sake da tataccen ruwan tururi.

Kafin in haɗa mililita 50 na wannan da 50 na wancan, na sa kowa ya rubuta hasashensa. Yawancinsu sun ce gari zai kwanta, ta hanyoyi biyu kuma duk kuskure. Wasu sun ɗauki lambobin da ke jikin kwalabe, suka yi 0.020 × (0.040)² suka sami 3.2 × 10⁻⁵, wanda ya kusa ninka Ksp biyu. Sun manta cewa da zarar an haɗa, ruwan ya zama mililita 100, kowane ayon ya bazu a ninkin wurin da yake da, ƙarfinsa ya ragu da rabi. Dalma ta koma 0.010, Cl⁻ ya koma 0.020. Wasu sun tuna da wannan amma suka bar ninka Cl⁻ da kansa, suka sami 2 × 10⁻⁴. Daidai shi ne:

Q = 0.010 × (0.020)² = 4.0 × 10⁻⁶

Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na Ksp ke nan. Na haɗa, ruwa ya tsaya tas. Abin lura a nan, raba kowanne biyu ya rage Q sau takwas ne, ba sau biyu ba, don haka mantuwar sirki ba ƙaramin kuskure ba ce.

Gwaji na biyu mai sauƙi ne. Dalma mol 0.10 da gishiri mol 0.40, daidai wa daida, Q ya zama 0.050 × (0.20)² = 2 × 10⁻³, sama da Ksp fiye da sau ɗari. Farin gari ya fito ya kwanta.

Na uku ne ya koya mini abin da littafin aji bai faɗa ba. Na haɗa dalma mol 0.040 da gishiri mol 0.10, mililita 50 kowanne. Q ya fito 0.020 × (0.050)² = 5 × 10⁻⁵, kusan ninki uku na Ksp. Bisa ƙa'ida gari ya wajaba. Muka jira minti goma, babu komai. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ko dai ruwan ya ƙoshi ne ya rasa inda zai fara?" Tambayar tana kan hanya, domin ruwa kan riƙe fiye da ƙimarsa in babu ƙwayar da gari zai fara taruwa a kanta. Na karce cikin kofin da sandar gilashi, shiru. Na jefa 'yar ƙwayar PbCl₂ a ciki, maimakon ta girma sai ta narke. Wannan ita ce shaidar da ta yanke magana: ruwan da ya wuce ƙima yakan sa ƙwayar ta girma, wanda ya cinye ta kuwa yana da sauran wuri.

Zargina na farko ya faɗa kan zafi, don ma'auni ya nuna 38 °C a ɗakin, lambar littafi kuwa ta 25 °C ce. PbCl₂ na ƙara narkewa da zafi sosai, daga wajen giram 10 a lita a 20 °C zuwa fiye da giram 30 a tafasasshen ruwa. Amma wannan giram 10 ɗin ne ya tsayar da ni. In ka juya Ksp ka nemi narkewa, wadda ake kira s, 4s³ = 1.7 × 10⁻⁵ zai ba ka s wajen mol 0.016 a lita, wato giram 4.5 a lita. Abin da ake aunawa a zahiri ya ninka haka fiye da biyu, tun ba a sako maganar zafin Gadarif ba.

Dalili biyu ne. Wani kaso na dalmar yana maƙale da Cl⁻ ɗaya ya zama PbCl⁺, yana yawo a narke, shi kuwa ba ya cikin lissafin Ksp. Sannan in ayon sun yi yawa a ruwa, har da Na⁺ da NO₃⁻ da muke cewa 'yan kallo ne, sukan kewaye juna su rage wa kowanne tasiri, sai ƙarfin da ke aiki ya gaza wanda muka rubuta. Ksp na gaskiya da wannan ƙarfi mai aiki ake lissafa shi.

Shi ya sa yanzu nake raba abin gida biyu. A takardar jarrabawa, Q ya wuce Ksp ko da kaɗan, ka rubuta cewa gari zai kwanta. A kan teburin gwaji kuwa, da gishiri mai ɗan narkewa irin PbCl₂, ba na yi wa kowa alkawari sai Q ya ninka Ksp sau hamsin ko fiye. Gishirin azurfa AgCl bai da wannan gardamar, Ksp ɗinsa 1.8 × 10⁻¹⁰ ne. Haɗa AgNO₃ da NaCl masu mol 0.001 daidai wa daida, Q zai zama 2.5 × 10⁻⁷, sama da ninki dubu, ruwa ya yi fari nan take. Da shi nake buɗe darasin yanzu, in ajiye dalma sai mako na biyu.

Dalma guba ce. Safar hannu dole, ba a zuƙar ruwanta da baki, kuma duk abin da ya saura jarka mai murfi yake shiga, ba magudana ba, har da ruwan ɗaurayar farko na kofuna.