Ai kin sani

Talata.

Da sassafe saƙon Malam ya shigo, ya dawo min da rubutun waiwayen da za a saka a babi na uku na kundin bincikena a kan adashen mata, wanda mai bincike ke bayyana matsayinsa a tsakanin mutanen da yake nazari. Shafi biyu na tura masa. Na ce ni mace ce, Bahaushiya, Musulma, haifaffiyar unguwar, don haka matan da ke adashe sun saki jiki da ni. A ƙasa ya rubuta layi ɗaya: "Kin faɗa min ko ke wace ce, amma ba ki nuna min abin da hakan ya yi wa bayananki ba. Koma ki saurari hirarrakin." Raina ya ɗan sosu, don kwana uku na yi a kan shafukan nan.

Wuta ta zo wajen ƙarfe tara. Na cika waya da kwamfuta, na yi wa Auta guga, na zauna.

Hira 14 gare ni. Takwas da matan unguwarmu da Goggo ce uwar adashensu, shida da na wata unguwa inda ba wanda ya san gidanmu. Na sa abin saurare a kunne, na fara da namu. Ban kai ƙarshen ta biyu ba wata kalma ta fara damuna. Na tambayi matar yadda ake yi idan mutum ya kasa zubi, ta ce, "To, ai kin sani." Sai na ji muryata tana cewa "haka ne", na wuce tambaya ta gaba. Na ɗauko biro na shiga ja wa kowane ɗaya layi a bayan littafi. Kafin azahar na ƙirga 37 a hirarrakin unguwarmu, kuma sau huɗu kacal na ce a yi min bayani. A na ɗaya unguwar sau uku kawai aka faɗa. Su can, da yake baƙuwa ce ni, har yadda ake jera sunayen masu ɗauka sai da suka warware min, da abin da ake nufi da mai hannu biyu, da tukuicin da ake ba uwar adashe ranar kwasa.

Ke nan a wurare 33 abin da ke cikin babi na huɗu ba maganarsu ba ce, sanina ne na cike gurbin da shi. Sanin nawa kuma daga ɗakin Goggo na same shi, ina yarinya ina riƙe mata littafin zubi.

Bayan la'asar Maman 'yan biyu ta shigo karɓar rariya. Ta tarar da ni a tsakar gida da takardu a baje kan tabarma.

"Sannu da karatu, 'yar Hajiya. Har yanzu maganar tamu ce?"

"Ita ce, Yaya. Ɗazu ma muryarki nake ji."

Ta yi dariya, ta zauna a bakin tabarmar tana jujjuya rariyar. Na ce mata na lura a hirarmu ba ta kawo ko matsala ɗaya ba, ko adashen nasu ba a taɓa samun saɓani ba ne? Ta kalli ƙofar ɗakin Inna, ta rage murya.

"Ƙanwata, wancan na rikoda ne. Ke fa 'yar ɗakinta ce. In faɗa miki, gobe mu haɗu a gidan suna ina sunkuyar da kai?"

Daga nan ta faɗa min wani abu game da yadda aka sauya mata ranar ɗauka bara. Ba zan rubuta shi a nan ba. Da za ta tashi ta ce, "Wannan tsakaninmu ne, ba na makaranta ba." Na ce in sha Allahu.

Na daɗe zaune bayan fitarta. Na koma kan jadawalina: a cikin shidan can, biyar sun yi ƙorafi a kan uwar adashensu. A cikin takwas ɗin nan, ko ɗaya. Ni kuwa na riga na rubuta cewa adashen unguwarmu ya fi tsayuwa a kan amana. Yana iya yiwuwa Goggo ta fi waccan adalci, kuma a zuciyata haka nake gani. Amma hirarrakina ba za su iya shaidar hakan ba, domin wadda ta yi tambayar 'yar ƙanin wadda ake tambaya a kanta ce. Shirun nasu ba shaida ba ne. Kara suka yi min.

Abin da ya fi tsaya min shi ne maganar da ta faɗa yau. Ita ce mafi nauyi a duk abin da na ji tun da na fara aikin nan, kuma ba ni da ikon taɓa ta. Takardar amincewar da ta sa wa hannu ta hirar ranar ce, ba ta zaman tsakar gida ba. Ko da na sauya mata suna, a adashen mutum goma wa zai kasa gane wadda aka matsar wa da rana? Baƙon mai bincike yana gamawa ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ni a layin nan za a ɗaura min aure.

Na tuna Mary Smith, Baturiyar da ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta. Na sha ganin kamar na fi ta dama, tunda ni ba sai an koya min ma'anar kunya ko ƙawance ba. Yau na ga ɗaya fuskar. Ita Baba dole ta yi mata bayani dalla-dalla, saboda ba yadda za a yi ta ce mata "ai kin sani". Kirin Narayan, masaniyar nazarin al'adu, ita ma ta yi wannan jayayyar a 1993, cewa raba masu bincike gida biyu, ɗan gida da baƙo, bai wadatar ba, domin kusanci da nisa suna sauyawa gwargwadon wanda kake gabansa. A gaban matan can ɗaliba ce ni. A gaban namu, 'yar Goggo ce mai rikoda.

Bayan isha na goge shafi biyun. Sabon ya fara da ƙidayar 37 da huɗu, sannan dangantakata da uwar adashe, wadda ban ambata ba sam a na farko. Na rubuta cewa na cire jimlar amanar nan daga babi na huɗu, da dalilin cirewar. Na rubuta kuma cewa akwai abin da aka faɗa min a wajen hira wanda ban yi amfani da shi ba, amma shi ya sa na daina yarda da shirun. Na faɗi amfanin zama 'yar gida ma, don akwai shi: gidaje uku da na shiga, baƙo ko zaure ba zai wuce ba. Zan roƙi Malam ya yarda abokiyar karatuna 'yar Katsina ta sake hira da uku daga cikin takwas ɗin, in sun amince, ba tare da ina wurin ba.

Inna ta leƙo ta ce tuwona ya huce.

Gobe ranar zubi ce, kuma Goggo ta aiko tun ɗazu in je in taya ta lissafi. Ban ba ɗan aiken amsa ba tukuna.