Daren Talata, bayan na gama babi na huɗu

Tun bayan Azahar nake zaune kan rahoton SIWES ɗina, wato horon aiki na ɗalibai da na yi a wani kamfanin gine-gine, sai yanzu da aka kusa ƙarfe sha ɗaya na ajiye biro. Babukan farko ba su ba ni wahala ba, tarihin kamfani ne da ayyukan da na yi a wata shidan. Inda na tsaya shi ne babin matsaloli da darasin da aka koya.

Da farko na rubuta abin da kusan kowa a ajinmu yake rubutawa: tsadar kuɗin mota, ɗauke wuta, ƙarancin kayan aiki. Da na sake karantawa sai na ga duk gaskiya ne, amma babu hannuna a ko ɗaya, kuma babu abin da na koya daga cikinsu. Na ɗauko littafin da nake cikewa kullum a wurin aiki, na buɗe mako na tara. Na san abin da ke wurin, shi nake ta kaucewa.

Ranar Alhamis ɗin makon aka zuba kankaren ginshiƙai, wanda ake son ƙarfinsa ya kai 25 N/mm² a kwana 28. Ni aka sa na cika kiyub shida na gwaji, wato ƙananan tubalan kankare da ake fasawa don auna ƙarfinsa, masu milimita 150 ta kowane gefe. Na cika su hawa uku, kowane hawa na soke shi da ƙarfe sau 35, yadda aka koya mana. Safiyar Juma'a na kwance su. Ruwan durom ɗin da ake jiƙa su a ciki ya yi ƙasa, uku kawai ya rufe, sai na ajiye sauran a gefe da niyyar in ƙaro ruwa bayan masallaci. Ban koma ba. Suka kwana uku a iskar hunturu. Litinin na jefa su cikin durom, ban sa musu alama ba, ban kuma faɗa wa kowa ba.

A kwana na bakwai aka fasa uku, nauyin da suka ɗauka kafin su fashe shi ne 380 kN, 372 kN, sai 290 kN. Idan aka raba da faɗin fuskar kiyub, 22,500 mm², ana samun 16.9 da 16.5 da 12.9 N/mm². A kwana bakwai ana sa ran wajen kashi 65 cikin ɗari na ƙarfin ƙarshe, wato 16 da ɗoriya. Biyu sun kai, ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, alhali kwaɓi ɗaya ne.

Na daɗe a kan sakin layin dalili, don a nan malamai suke gane wanda ya fahimci aiki. Injiniyan wurin bai fara da faɗa ba, littafin awo ya duba. Nauyin ukun kusan ɗaya ne, kilo takwas da ɗan kai, ke nan ba rashin sokawa ba ne, domin kiyub mai ramukan iska ya fi sauƙi a sikeli. Ya murza gefen wanda ya faɗi, ya ga yana zubar da gari. Ya ce, "Ɗan makaranta, wannan ya sha ruwa kuwa?" Siminti da ruwa yake haɗuwa ya yi ƙarfi, idan ruwan ya tsere a kwanakin farko haɗuwar takan yi rauni. Na rubuta wannan a tsare: abin da aka gani, abin da aka cire daga zargi, sannan abin da ya rage.

Jimla ɗaya na goge sau uku. Na fara da "an bar kiyub a waje", wanda ke ɓoye mai laifin. Na mayar da ita "na bar". Sai kuma na gane mantuwar ba ita ce babbar ɓarnar ba. Da na sa alama ranar Litinin na sanar, da an ware busassun kawai. Shirun da na yi ne ya sa aka dakatar da aikin saman ginshiƙan kwana biyu, aka nemo gudumar gwaji aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ukun da suka rage na kwana 28 ma biyunsu busassu ne, ba a iya dogara da su ba. Wannan ya fi yi mini ciwo, don kamfanin ya rasa shaidarsa ta wannan zubin.

Darasin ban rubuta shi da "zan ƙara kula" ba, wannan alkawari ne da ba wanda zai iya aunawa. Na rubuta abin da na canza: lamba da kwanan wata a kan kowane kiyub tun yana ɗanye, cika durom kafin a kwance, da sabon layi a littafi na lokacin shiga ruwa. Na haɗa da sakamakon zubi huɗu da suka biyo baya, inda kiyub ɗin kowane zubi suka zo kusa da juna.

Sunan kamfanin yana shafin farko dole, amma a wannan babin ban ambaci sunan kowa ba. Gobe da safe zan kai wa malamin da ke duba ni, sannan in wuce wajen masu buga takardu.