Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Neman Sunan Inna

Makon jiya na tsaya a inda muka buɗe akwatin ƙarfen kakana bayan rasuwar Baba. A ƙarƙashin littattafan fiƙihu akwai wata takarda da aka naɗe cikin gafaka, ta yi ja, gefenta ya soma marmashewa. Rubutun Larabci ne irin na malaman da, ga hatimin alƙali a ƙasa. Na kai wa wani dattijon malami a unguwarmu ya karanta mini, domin rubutun ya fi ƙarfin karatuna na Islamiyya.

Takardar rabon gadon mahaifin kakana ce, wanda a gida Malam kawai ake ce masa. An rubuta sunansa da na ubansa, an rubuta sunayen 'ya'yansa maza biyu, da na shaidu, har da na wanda ya biyo shi bashin kuɗin goro. Da aka zo kan mata sai aka ce "matansa biyu" da "'ya'yansa mata uku". Shi ke nan. Ɗaya daga cikin matan da Malam ya aura ita ta haifi kakana, ita ake cewa na ɗauko tsawonta, amma duk gidanmu babu wanda ya iya gaya mini sunanta na yanka. Inna kawai muka taso muna ji.

Ba takardarmu kaɗai ke da wannan hali ba. Rajistar haraji ta zamanin En'e magidanci take bi, shi ake rubutawa. Ko a tarihin sarakunan Kano, matan da sunansu ya fito sarai, irin su Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi ɗan Muhammadu Rumfa, ba su da yawa, kuma ta dalilin 'ya'yansu da jikokinsu masu sarauta aka tuna da su. To, ina ga matar ɗan kasuwa da ta yi rayuwarta a cikin kulle a wani lungu na Koƙi?

Duk da haka takardar ba ta rufe baki gaba ɗaya ba. Ta ba ni shekara, 1347 ta Hijira. Malamin ya nuna mini yadda ake juya ta: a ninka shekarar da 0.97, a ƙara 622. Aka samu 1928 da 'yan kai, wato tsakanin 1928 da 1929, farkon zamanin Sarki Abdullahi Bayero wanda ya hau a 1926.

Sannan ta ba ni lissafi, kuma a lissafin ne na ga abin da ya hana ni barci. Bayan an biya bashi, dukiyar Malam ta tsaya a fam 40. Tun da ya bar 'ya'ya, rabon matan aure tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, fam 5 ke nan. An raba shi gida biyu, kowace ta samu fam 2 da sule 10. Ragowar fam 35 aka kasa bakwai, kowane namiji ya ɗauki kashi biyu, fam 10, kowace mace kashi ɗaya, fam 5. Lissafi ya cika cif, babu ko sisi da ya yi rara. Amma kowa a danginmu ya san 'ya'yan Malam biyar ɗaki uku ne. Ɗakin uwargida namiji ɗaya, ɗakin Inna kakana da ƙannensa mata biyu, sai wani ɗaki mai mace ɗaya. Uwaye uku, tumuni kuma an raba biyu. Wace ce ta fita?

Hanyoyin da uwar ɗa za ta rasa tumuni sanannu ne. Ko ta riga mijin rasuwa, ko ya sake ta iddarta ta cika, ko kuma ƙwarƙwara ce, wadda 'ya'yanta ke cin gado daidai da kowa amma ita ba ta ci, sai dai ta samu 'yancinta da mutuwar ubangidanta. A Kano ta wancan lokaci duka ukun abu ne mai yiwuwa. Na tambayi kawunnaina maza, kowa ya ba ni salsalar Malam har zuwa kakan kakansa, da hanyar da ayarinsu ke bi zuwa Gwanja. Da na ce Inna fa, sai su ce, "Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce." Ba ɓoye mini suke yi ba. Abin da aka ba su ke nan.

Wata ƙanwar Baba ce ta ce mini in daina wahalar da kaina a zaure, in shiga cikin gida. Labarin mace a wajen 'ya'yanta mata yake, su suka zauna da ita a tsakar gida, su ta yi wa wankan jego, su suka gaji tukwanenta. Ta tura ni wurin Goggo, 'yar ɗaya daga cikin ƙannen kakana, wadda ke zaune a Yakasai, shekarunta sun doshi 90.

Na same ta a kan buzu, carbi a hannu, da 'yar rediyo a gefen filo. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goro da turare. Ban fara da tambayar suna ba, domin na san tsofaffinmu da kunya. Mace ba ta kama sunan miji ko na ɗan fari, balle na kakar da ta goya ta. Sai na tambaye ta abin da ido ke gani.

"Goggo, da Malam ya rasu, su wa suka yi masa takaba?"

Ta ce, "'Yar nan, ai ba a haife ni ba. Amma tsohuwata takan ce su biyu ne, Yaya da Inna. Wata huɗu da kwana goma suna ɗaki ɗaya, ba kwalli ba turare, ita ke kai musu ruwa. Waccan ɗayar tun kafin nan aure ya ƙare, ta yi wani a Fagge."

Amsar nan ta warware mini ƙullin. Takaba ta wata huɗu da kwana goma ta matar aure ce, ba a ɗora ta a kan ƙwarƙwara ko sakakkiya. Adadin masu takaba ya zo daidai da adadin masu tumuni, kuma Goggo ba ta san da takardar ba balle a ce ta gyara zancenta ya dace da ita. Fam 2 da sule 10 ɗin nan, ɗaya na Inna ne. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da mai irin wannan nema zai samu: takarda da baki su haɗu ba tare da ɗaya ya ga ɗaya ba. Shi ya sa ba na nuna wa tsoho takarda sai ya gama ba ni nasa.

Shekarun Inna kuwa da abubuwan da suka faru a gari muka auna su. Goggo ta zauna da ita har ta yi aure, ta ce Inna na yawan faɗin ranar da Nasara suka shigo Kano tana yarinya mai talla, ta zubar da farantinta garin gudu. Wannan 1903 ke nan. Ta ce an kai ta gidan Malam shekarar da jirgin ƙasa ya iso, 1911, kuma tana goyon kakana aka yi yunwa. A nan na tsaya na sake tambaya, domin yunwa ba sau ɗaya aka yi ba, an yi wata a 1927. Na ce wane sarki ke kai? Ta ce Abbas. Sarki Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, saboda haka yunwar Ƙaƙalaba ce ta 1913 zuwa 1914. Yarinyar da ke talla a 1903 ba za ta gaza shekara shida ko bakwai ba, kuma da ta wuce goma da wuya a bar ta ba aure har 1911. Na rubuta an haife ta tsakanin 1894 da 1897, na bar shi a haka, ban zaɓi ɗaya don ya yi kyau a takarda ba. Rasuwarta ba ta ba ni wahala ba: shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, 1956, da damina.

Saura suna. Tun kafin in je na zauna na jera duk matan danginmu da ake sakaya sunansu, masu amsa Ummi, Iya, Inna Ƙarama, domin yarinyar da aka yi wa takwara da tsohuwa ba a kiranta da sunanta a gida. Na bi na tambayi sunan da aka raɗa wa kowacce. A zuriyar kakana akwai Hauwa biyu, a zuriyar ƙannensa mata kowacce akwai Hauwa ɗaya. A ɗakin uwargida da ɗaki na uku babu ko guda. Da sunan mahaifiyar Malam ne, da ya bazu a ɗakunan uku, tun da duk jikokinta ne. Tsayawarsa a ɗaki ɗaya shi ya nuna mini inda ya fito. Amma takwara kaɗai ba ta isa ba, domin miji na iya sa wa 'yarsa sunan tasa uwar, ya zo daidai.

Sai na ce, "Goggo, Yaya uwargida in za ta kira Inna, me take ce mata?"

Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ta yafito wata jikanyarta, ta raɗa mata a kunne, yarinyar ta ce, "Wai Kulu." Kulu kuwa kowa ya san laƙabin Hauwa'u ne. Na riƙe alƙalami hannuna na rawa. Shekara hamsin ina yi mata addu'a da "Inna", ranar na yi mata da sunanta.

Daga nan baki ya buɗe. Inna ba zaman jiran Malam ta yi ba. Kaɗi take yi, ana kai zarenta kasuwar Kurmi, daga baya ta koma man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ita ce uwar adashin lungunsu. Da kuɗin tumuninta ta sayi tumaki biyu, daga su ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Goggo ta sa aka ciro wata tsohuwar tasa daga ƙarƙashin gado, gindinta da alamar da aka karta da wuƙa, layi uku, don kada ta ɓace a gidan biki. Ta ce ta Inna ce.

Abin da Goggo ba ta iya ba ni ba shi ne gidan da Inna ta fito. Ta dai tuna abu biyu. Duk Bafillatanar da ta shigo da nono sai Inna ta tsokane ta, su yi ta wasa, irin wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Kuma duk Sallah akwai wani tsoho da ke zuwa gaishe ta daga Zangon Barebari, tana ce masa Yaya. Wasa ba shaida ba ne, mutum na iya koyonsa a maƙwabta, amma ya isa ya nuna mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zuwana wurin mai unguwa da limamin da ke riƙe da tarihin ɗaurin auren gidajen wannan zango.